Yadda za ki mayar da hargitsattsen jerin manazarta zuwa tsarin APA guda ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digiri na biyu da Turanci a kan harshen finafinan Hausa. Manazartata 86 ce, na tattaro su daga wurare daban-daban, kowacce da kamanninta. Malamin da ke duba aikina ya ce in mayar da su duka tsarin APA bugu na bakwai. Ta ina zan fara? Ga shida daga ciki yadda suke:

1. Paul Newman, The Hausa Language: An Encyclopedic Reference Grammar (New Haven: Yale University Press, 2000).
2. Prof. Ibrahim Yaro Yahaya 1988 Hausa A Rubuce NNPC Zaria
3. Larkin, Brian. "Indian Films and Nigerian Lovers: Media and the Creation of Parallel Modernities." Africa 67.3 (1997): 406-440.
4. Newman P. Hausa and the Chadic Languages, 1987, pp 705-723
5. Abraham, R.C. Dictionary of the Hausa Language. London 1962
6. R. M. Newman (1990) An English-Hausa Dictionary, Yale

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki fara da gyaran aya da waƙafi. Nan yawancin ɗalibai suke farawa, shi ya sa aikin yake dawo musu da jan biro karo biyu ko uku. A cikin layuka shidan da kika turo, biyu kacal ne suke da cikakken bayani, wato na ɗaya da na uku. Waɗannan kusan sauya musu tsari kawai za a yi. Sauran huɗun kuwa kowanne akwai abin da ya ɓace a cikinsa, kuma duk yadda kika jera alamomin rubutu daidai, abin da babu shi ba zai fito ba. Saboda haka aikin kashi biyu ne. Da farko ki gano mene ne kowane aiki, ki cike giɓin da ke cikinsa. Bayan nan sai ki zuba shi a tsari. Kashi na farko shi ne mai cin lokaci, na biyun kuwa da hannunki ya saba zai tafi da sauri.

Tsarin APA, komai yawan misalan da ke cikin littafin jagoransa, a kan tambayoyi huɗu ya ginu: wa ya yi aikin, yaushe, mene ne sunansa, a ina za a same shi. Kowace manazarta amsar tambayoyin nan ce a jere, kowace amsa kuma aya ce take rufe ta. Don haka ki buɗe jadawali, a kwamfuta ko a takarda, mai gida shida: nau'in aiki, marubuci, shekara, sunan aiki, inda ya fito, sai gida na ƙarshe na abin da ya ɓace. Ki bi manazartar nan 86 ɗaya bayan ɗaya ki warware kowacce a cikin gidajen, ba tare da kin damu da babban baƙi ko ƙarami ba tukuna. Gidan farko ya fi kowanne muhimmanci, domin nau'in aiki shi yake faɗa miki abin da ya kamata ya shiga gida na biyar. Littafi maɗaba'a yake nema. Maƙalar mujalla sunan mujalla take nema da juzu'i da fitowa da shafuka. Babi a cikin littafin da aka tattara yana neman edita da sunan babban littafin da shafuka da maɗaba'a. Kundin digiri yana neman matakin digirin da sunan jami'a. In kin kasa tantance nau'in wani aiki, to ba ki isa rubuta manazartarsa ba tukuna, sai kin nemo shi kin gani.

Layinki na huɗu shi ne misalin wannan. Wanda ya kalle shi a gurguje zai ɗauka littafi ne, ya karkata sunan, ya shiga neman maɗaba'a. Amma lambobin shafin nan, 705 zuwa 723, su suke nuna cewa ɓangare ne na wani babban aiki, domin ba a sa wa cikakken littafi shafuka a jerin manazarta. Babi ne a cikin littafin da Bernard Comrie ya tattara kan manyan harsunan duniya, wanda Croom Helm ta buga a 1987. Da an gano haka, ga yadda zai zauna:

Newman, P. (1987). Hausa and the Chadic languages. In B. Comrie (Ed.), *The world's major languages* (pp. 705–723). Croom Helm.

Ki lura da abubuwa uku a nan. Sunan babi a miƙe yake, sunan babban littafin ne a karkace. Sunan edita ba a juya shi ba, baƙin sunansa na farko ne a gaba, saɓanin na marubuci. Sannan alamar da ke tsakanin lambobin shafi ba karan ɗori ba ce, ta ɗan fi shi tsawo. A Word kina samun ta da `Alt+0150` a kan madannan lamba na gefe. Dokar karkata rubutu kuwa guda ce, in kin riƙe ta kin huta: abin da yake tsaye da kansa, kamar littafi ko kundi ko rahoto ko fim, sunansa ake karkatawa. Abin da yake cikin wani abu, kamar babi ko maƙala, sunansa a miƙe yake, sai a karkata sunan abin da ya ƙunshe shi.

Na ɗaya ba shi da giɓi, tsarin Chicago na bayanin ƙasan shafi ne kawai aka kwafo. Za ki juya sunan, ki jawo shekara gaba, ki zubar da sunan gari:

Newman, P. (2000). *The Hausa language: An encyclopedic reference grammar*. Yale University Press.

Zubar da sunan gari na daga cikin manyan abubuwan da suka raba bugu na bakwai, wanda ya fito a ƙarshen 2019, da na shida. In kika ga New Haven ko Zaria ko London a gaban sunan maɗaba'a, wannan tsohon tsari ne. Batun baƙaƙe kuma shi ne wurin da ido yake yawan zamewa. A sunan littafi ko maƙala, kalmar farko ce kawai take ɗaukar babban baƙi, sai kalmar farko bayan ruwa biyu, sai sunaye na yanka kamar na harshe da ƙasa da mutum. Shi ya sa Hausa ta riƙe babban baƙinta, kalmomin da ke bayanta suka sauka. Sunan mujalla kaɗai ne ya fita daga wannan doka, shi ana barinsa da manyan baƙaƙensa yadda mujallar take rubuta kanta. Ga na uku, wanda ya zo miki a tsohon tsarin MLA:

Larkin, B. (1997). Indian films and Nigerian lovers: Media and the creation of parallel modernities. *Africa*, *67*(3), 406–440.

An cire alamun zance daga sunan maƙalar. Lambar juzu'i, 67, a karkace take kamar sunan mujallar, lambar fitowa kuwa a miƙe cikin baka biyu, manne da ita ba tazara. Ba a sa `pp.` a maƙalar mujalla, a babin littafi ake sa shi. Abu ɗaya ya rage wa wannan layi, wato lambar DOI, lambar shaida ta dindindin da ake ba wa aiki don a same shi a yanar gizo. Dokar bugu na bakwai ita ce duk aikin da yake da DOI sai an sa, ko da a takarda kika karanta shi. Ki je `search.crossref.org` ki manna sunan maƙalar, lambar za ta fito in akwai. Ki rubuta ta a ƙarshen layi da siffar `https://doi.org/10.xxxx/xxxxx`, ba aya a bayanta, domin aya tana iya lalata adireshin. Kafin ki amince da ita ki danna ki ga inda ta kai ki. Sau da yawa injin yakan kawo lambar sharhin da wani ya yi wa littafi a maimakon ta littafin kansa, saboda sunansu ɗaya. Mujallun jami'o'inmu da yawa, musamman tsofaffin fitowa, ba su da DOI. In babu, layin ya ƙare a lambar shafi, kuma wannan ba naƙasu ba ne.

Yanzu sai layi na biyu, wanda ya fi sauran buƙatar tsayawa, don matsalolinsa su ne za ki yi ta haɗuwa da su a ayyukan gida.

Na farko, laƙabi ba ya shiga. Farfesa, Dakta, Alhaji, Hajiya, Malam, Shehi, duk ana ajiye su, haka ma sarauta irin Wazirin kaza ko Ɗanmasanin kaza. Na san yana yi wa ɗalibi nauyi ya rubuta sunan babban malami tsurarsa, amma ba rashin ladabi ba ne. Manufar jerin ita ce mai karatu ya nemo aikin a laburare, kuma a laburare ba a jera littattafai ƙarƙashin Farfesa. Na biyu, sunan littafin bai cika ba, akwai ƙarin suna bayan ruwa biyu da aka yanke. Na uku, NNPC. Ki rubuta sunan maɗaba'ar cikakke, domin mai karatu a Nijeriya ma in ya ga baƙaƙen nan huɗu kamfanin mai zai fara zuwa masa, balle na waje. Kalmomi irin `Ltd.` da `Inc.` kuwa ana zubar da su. Na huɗu, tun da da Turanci kike rubuta kundin, APA tana so a bi sunan aikin da ke wani harshe da fassararsa cikin baka mai kusurwa, a miƙe:

Yahaya, I. Y. (1988). *Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa* [Hausa in writing: A history of writing in Hausa]. Northern Nigerian Publishing Company.

Fassarar taki ce, ba sai ta zama kalma da kalma ba, ta dai nuna wa mai karatu abin da aikin ya ƙunsa. Wasu sassan, musamman na harsunan Nijeriya, ba sa neman wannan fassara tun da duk masu jarrabawa suna jin Hausa. Ki tambayi malaminki sau ɗaya, abin da ya ce ki yi shi a kan duk ayyukan Hausa da ke jerin. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a fassara biyar a bar goma. In kuma akwai aiki da Larabci ko ajami, sai ki rubuta sunansa da boko tukuna, sannan fassara ta biyo.

Babbar matsala ita ce wane suna zai zo gaba. Tsarin APA an gina shi ne a kan al'adar mutanen da suke da sunan dangi guda da ake gada. Mu kuwa mutum yakan ɗauki sunansa da na mahaifinsa, wani ya ƙara na kaka, wani na gari ko unguwa, wani na sarauta. Hanyar da masana suka daɗe suna bi ita ce a ɗauki suna na ƙarshe kamar yadda yake a kan aikin, ko da sunan gari ne. Ibrahim Yaro Yahaya ya zama Yahaya, I. Y., Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M., Aliyu Muhammad Bunza ya zama Bunza, A. M., Abdalla Uba Adamu kuma Adamu, A. U. Amma abin dogaro shi ne yadda marubucin ya rubuta sunansa a kan aikin, ba yadda ake kiransa a baki ba. Farfesa Mu'azu Sani Zariya kowa da wannan suna ya san shi, amma a manazarta Sani, M. A. Z. ake rubutawa. Wanda ya bi kunne zai kai shi ƙarƙashin Z, mai nema kuma ya duba S bai gan shi ba.

Daga nan ne kuskuren da ya fi ɓoyuwa yake fitowa: mutum ɗaya ya rabu biyu a jeri guda. Tun da daga wurare daban-daban kika kwafo, abu ne mai yiwuwa ki tarar da Yahaya, I. Y. a ƙasa, ga kuma Yaro, I. Y. ko Ibrahim, Y. Y. a wani wuri, duk mutum ɗaya. Hanyar kama shi ita ce, bayan kin cike jadawalin, ki karanta gidan marubuta shi kaɗai daga sama har ƙasa, kina rubuta cikakken sunan kowa a gefe. Sunaye irin Muhammad da Abdullahi da Usman su suka fi son kulawa, don ana rubuta su ta hanyoyi da dama. Kada ki daidaita wa marubuci rubutun sunansa da ra'ayinki. Wanda ya sa Mohammed a kan littafinsa, Mohammed za ki rubuta. Haka nan ayyukan Shehu Usmanu, waɗanda masu fassara da masu bugu suke rubuta sunan mahaifinsa ta siffofi mabambanta, ki bi siffar da ke kan bugun da kika karanta.

In hukuma ko cibiya ce marubuciya, sunanta cikakke ne yake zama a gurbin marubuci. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 za ki ga ɗalibai suna sa masa CNHN kawai. A jerin manazarta ki rubuta Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. A cikin rubutu kina iya taƙaitawa, in dai kin kawo cikakken sunan tare da taƙaitaccen a karon farko.

Layi na biyar bugu ne ya ɓace masa. Ƙamusun Abraham na 1962 bugu na biyu ne, kuma London gari ne, ba maɗaba'a ba:

Abraham, R. C. (1962). *Dictionary of the Hausa language* (2nd ed.). University of London Press.

Bayanin bugu yana zuwa cikin baka biyu bayan suna, a miƙe, kuma bugu na farko ba a ambatarsa. Tsakanin R. da C. akwai tazara, wannan ma doka ce. Batun shekara yana son a buɗe littafi a duba bayan shafin suna. Littattafan gida da yawa za ki ga an jera shekaru huɗu ko biyar a wurin. Ki bambanta sabon bugu, wanda aka yi wa gyara ko ƙari, da sake bugawa kawai. Shekarar bugun da ke hannunki, wadda take tare da alamar haƙƙin mallaka, ita za ki sa, ba shekarar da aka ƙara gurza kwafi ba. Ƙamusun Bargery misali ne: Oxford ta buga shi a 1934, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da wani bugu a 1993. In na Zariya kika duba, kada ki sa shekarar 1934 tare da maɗaba'ar Zariya, ko 1993 tare da Oxford. Irin wannan haɗin gambiza shi yake nuna wa mai jarrabawa cewa an kwafo ne ba a buɗe littafin ba. In kin bincika iyakar bincike ba shekara a jikin aiki, abin da yakan faru da ƙananan littattafan kasuwa, sai ki sa `(n.d.)`. Kada ki ƙiyasta.

Na shida gyaransa kaɗan ne:

Newman, R. M. (1990). *An English-Hausa dictionary*. Yale University Press.

Amma shigowarsa ta jawo wata doka da za ta taɓa cikin kundinki, ba jerin kaɗai ba. Yanzu kina da marubuta biyu masu suna Newman, Paul da Roxana Ma. A irin wannan hali APA ta ce duk inda kika ambaci ɗayansu a cikin rubutu sai kin sa baƙaƙen sunansa na farko, ko da shekarun sun bambanta: `(P. Newman, 2000)` da `(R. M. Newman, 1990)`. Ki duba ko kina da Adamu biyu ko Muhammad uku, dokar ta hau kansu su ma. Wajen jerawa kuma, ayyukan mutum ɗaya daga tsoho ake farawa, don haka babin 1987 zai riga littafin 2000. Aikin da mutum ya yi shi kaɗai yana riga wanda ya yi da wani, komai tsufan na haɗin gwiwar. Da a ce kina da ƙamusun da su biyun suka yi tare a 1977, zai zo ne bayan duk na Paul shi kaɗai, kafin na Roxana. In mutum ɗaya yana da ayyuka biyu a shekara guda, ki jera su bisa baƙin farko na sunan aiki, ba tare da lissafa `A` da `An` da `The` ba, sannan ki sa wa shekarun `a` da `b`. Daga nan dole ki koma cikin kundin ki bi kowane wuri ki tantance wanne kike nufi. Wannan ba wanda zai yi miki shi, don ke kaɗai kika san inda kika ɗauko maganar.

Kundayen digiri ba su cikin shidan da kika turo, amma na tabbata suna da yawa a jerinki. Wanda kika karanta a laburaren sashe, ba a yanar gizo ba, ga siffarsa: marubuci, shekara, sunan kundi a karkace, sai `[Unpublished master's thesis]` ko `[Unpublished doctoral dissertation]`, aya, sai sunan jami'a. Sunan sashe ba ya shiga. In kuwa daga rumbun jami'a na yanar gizo kika sauke shi, kalmar `Unpublished` ta faɗi, sunan jami'a ya koma cikin bakan tare da matakin digiri, sannan sunan rumbun da adireshinsa su biyo baya. Finafinai kuma, tun da su ne tushen aikinki, darakta ne yake zama a gurbin marubuci da `(Director)` a bayan sunansa, sai shekara, sunan fim a karkace da `[Film]`, sai kamfanin da ya shirya. Ki ɗauki bayanin daga rubutun da ke fitowa a farkon fim ko ƙarshensa, kada ki dogara da abin da mai ɗora shi a yanar gizo ya rubuta, don shekarar ɗorawa ba ita ce shekarar fitowa ba.

Akwai kuma abin da za ki cire daga jerin gaba ɗaya. Hirar da kika yi da wani masani, wadda mai karatu ba shi da hanyar samunta, a cikin rubutu kawai ake ambatarta da sunansa da `personal communication` da cikakken kwanan wata. Mutanen da kika yi hira da su a matsayin bayanan bincikenki su ma ba sa shiga manazarta. In sashenku yana son jerin waɗanda aka yi hira da su, wannan shafi ne daban. Haka nan duk aikin da ba ki karanta da idonki ba, kin dai gan shi a cikin littafin wani, ki nemo shi ki karanta, ko ki cire shi ki rubuta `as cited in` a cikin rubutu, ki bar wanda kika karanta a jeri. Ina ƙarfafa wannan domin ranar kare kundi ana iya ɗaukar kowane layi a tambaye ki abin da ke ciki.

Batun manhaja, ga ra'ayina. Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara su, kyauta ce kuma tana da amfani ƙwarai, musamman ga mai niyyar ci gaba zuwa digiri na uku. Aikin da yake da DOI ko ISBN, kina manna lambar a `Add Item by Identifier` bayanansa su shigo da kansu. Amma abin da aka zuba mata shi take fitarwa. Ba ta san Hausa sunan harshe ba ne. In kika danna `Sentence case` a kan sunan littafi, za ta saukar da shi zuwa ƙaramin baƙi tare da sauran kalmomi, sai kin bi kin mayar da hannu. Sunan cibiya kuma sai kin sa shi a gida ɗaya, in ba haka ba za ta yanka shi ta mayar da kalmar ƙarshe sunan dangi. Maɓallin `Cite` na Google Scholar ki ɗauke shi abin farawa kawai, don yakan yar da lambar fitowa da DOI, yakan kuma juya sunayenmu. Shi kuwa tsarin da ke cikin Word ƙarƙashin `References`, ki duba abin da aka rubuta a wurin zaɓi. A yawancin kwamfutocin ɗalibai `APA Sixth Edition` ne, wanda zai dawo miki da sunayen garuruwan da kika cire. Ga mai manazarta 86 da rabinsu ayyukan gida ne marasa DOI, shigar da su manhaja da hannu ba zai fi rubuta su kai tsaye daga jadawalinki sauri ba. In lokaci ya ƙure, ki rubuta da hannu, nau'i-nau'i: ki gama duk littattafai, sannan duk maƙalu, sannan babi-babi, sannan kundaye da finafinai. Idan kina maimaita siffa ɗaya sau ashirin a jere, wanda ya kauce yakan fito fili da kansa.

Bayan an gama sai a haɗe su jeri ɗaya bisa abacada, ba lamba a gefe, ba rabawa nau'i-nau'i sai in sashenku ya nema. Ki tabbata kowace manazarta sakin layi guda ce, wato ba ki danna `Enter` a tsakiyarta ba, sannan ki zaɓe su duka a Word ki danna `Sort`. Ki danna `Ctrl+T` don layi na biyu da na bayansa su shiga ciki da rabin inci, santimita 1.27 ke nan, tazarar layi kuma ninki biyu. Kada ki tura layi da madannin tazara, da an sauya girman rubutu zai wargaje. Bayan `Sort` ki bi da ido, saboda baƙaƙe masu ƙugiya. In da tsofaffin nau'o'in rubutu irin Rabi'at ko Abdalla aka buga sunan, abin da kike gani Ɗ ko Ƙ a allo, a wurin kwamfuta alamar `[` ce ko `{`, don haka za ta kwashe su Ɗangambo ta kai can saman jeri gaban A. Kuma ranar da aka buɗe kundin a kwamfutar da ba ta da wannan nau'in rubutu, alamomin ne za su bayyana. Ki sake buga sunayen da baƙaƙen Unicode na gaskiya, ki ajiye Ɗ tare da D, Ƙ tare da K, Ɓ tare da B, ki tsaya a kan haka har ƙarshe.

Aiki na ƙarshe shi ne gwada jerin da cikin kundi, ta fuska biyu. Ki buga jerin a takarda. Ki karanta kundin daga babi na ɗaya, duk inda kika ci karo da suna da shekara ki sa alama a kan layinsa a takardar, kina duba rubutun sunan da shekarar sun yi daidai. Wanda kika gani a rubutu babu shi a takarda, ki rubuta shi gefe ki nemo. Wanda kika gama karatu bai samu alama ba, ki neme shi da `Ctrl+F` don tabbatarwa, in babu shi ki cire, domin a APA abin da aka ambata kaɗai yake shiga jerin. A wannan karatun ne kuma za ki gyara masu marubuta da yawa: uku ko fiye, sunan na farko da `et al.` tun daga ambato na farko, alhali a jerin ana rubuta sunayen duka har mutum 20, da alamar `&` kafin na ƙarshe. Kada ki yi mamaki in jerin ya ragu daga 86 bayan wannan gwaji, ko kuma wasu sababbi suka shigo. Adadin da ya fito bayan gwajin shi za ki kai wa malaminki, tare da jadawalin, don in ya yi tambaya a kan wani layi ki nuna masa inda kika samo bayanin.